PMV ta ce ajin ba ya zaunuwa, ɗalibai sun ce da ɗan dama: wanne zan rubuta?

Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ina auna yanayin zafi a wata makarantar firamare da ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, taga kawai ake buɗewa. Da ƙarfe ɗaya na rana na samu zafin iska digiri 30, ma'aunin zafi mai baƙar ƙwallo 31.5, gudun iska mita 0.3 a daƙiƙa, danshi kashi 60. Matsakaicin zafin waje na makon 28 ne. PMV, wato makin da ke hasashen yadda mutane za su ji zafi ko sanyi, ta fito +1.9, amma yawancin yaran “ɗan zafi” suka zaɓa. Kuskure na yi ne, ko wane sakamako zan sa a rahoto?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Lissafinka daidai ne. Da met 1.2, wato zafin da jiki ke samarwa, da clo 0.5, wato yadda tufafi ke riƙe zafi, bisa tsarin ISO 7730, abin da zai fito ke nan, kuma PPD ɗinsa, wato hasashen kason mutanen da ba za su gamsu ba, na wajen kashi 72. Sai dai ma'aunin da ka ɗauko ba don irin wannan gini aka yi shi ba. A ajin da taga ce kaɗai ke sanyaya shi, iyakokin sabo da yanayi, wato iyakokin zafi da ke bin yanayin wajen da mutane suka saba da shi, su ne za su yanke hukunci, PMV kuma ka riƙe ta don gano inda zafin ke fitowa.

Fanger ya fitar da PMV a 1970 daga gwajin da aka yi wa manya a ɗakunan da aka daidaita yanayinsu, mutum na zaune, kayansa ba sa canzawa, ba shi da tagar da zai buɗe. Lissafin yana duba zafin da jiki ke samarwa da wanda yake iya fitarwa, ya mai da bambancin zuwa maki daga −3 zuwa +3. Ba ruwansa da cewa mutumin ya yi makonni yana cikin zafi har jikinsa ya saba, ko kuma bai sa ran samun sanyi a ɗakin ba tun farko. Shi ya sa a gine-gine masu taga a lokacin zafi PMV kan zarce abin da mutane ke faɗa. Ka kuma lura cewa kana bakin iyakar ta. ISO 7730 ta ce a yi amfani da ita ne idan zafin iska na tsakanin digiri 10 da 30, matsin tururin ruwa bai wuce 2700 Pa ba, kuma sakamakon bai fita daga −2 zuwa +2 ba. Naka 30 ne cif, tururin kuma wajen 2550 Pa. Da ka auna a ranar da ta ɗan fi wannan zafi, da lambar da za ka samu ba ta da madogara.

Kafin ka shiga ɗaya hanyar, wato ta sabo, kana buƙatar lamba guda da ta haɗa zafin iska da hucin da rufi da bango ke watsowa. Baƙar ƙwallon nan ba hucin take ba ka kai tsaye ba, domin iskar da ke wucewa tana sanyaya ta. Idan ƙwallon mai faɗin santimita 15 ce, ga yadda ake fitar da hucin, inda `tr` huci ne, `tg` zafin ƙwallo, `ta` zafin iska, `va` kuma gudun iska:

```
tr = ((tg+273)^4 + 2.5e8 * va^0.6 * (tg-ta))^0.25 - 273
```

Da alkalumanka hucin ya kama digiri 33.1, wato ya ɗara iskar ajin da digiri uku. Wannan tazara kaɗai ta nuna akwai abin da ke ƙona yaran daga sama ko daga gefe, galibi kwanon rufi mara silin ko bangon da rana ta daka. Idan ƙaramar ƙwallo ka yi amfani da ita, irin ta santimita 4, lambar 2.5e8 ba taka ba ce, dole ka sa faɗin ƙwallonka a cikakken lissafin da ke ISO 7726. Babbar kuma ka ba ta aƙalla minti ashirin ta daidaita kafin ka karanta, kuma kada hasken rana daga taga ya sauka a kanta.

Haɗaɗɗen zafin, wanda manhajoji ke rubutawa `operative temperature`, yana ba iska kaso mafi yawa idan tana gudu. Ƙasa da mita 0.2 rabi da rabi ne, daga 0.2 zuwa 0.6 iska na ɗaukar 0.6, huci 0.4. Naka ya zama 0.6 sau 30 a haɗa da 0.4 sau 33.1, wato digiri 31.2.

To, sai iyakar sabo. De Dear da Brager ne suka fitar da ita a 1998 daga amsoshin mutane kusan 21,000 a gine-gine 160, kuma ta shiga ƙa'idar ASHRAE 55 a 2004, inda `tcomf` zafin da ya fi dacewa ne, `tpma` kuma matsakaicin zafin waje:

```
tcomf = 0.31 * tpma + 17.8
```

Da matsakaicin waje 28, zafin da ya fi dacewa shi ne 26.5. A ƙara ko a rage 3.5, sai a samu zangon da kashi 80 na mutane za su karɓa, daga 23 zuwa 30. Na kashi 90 ya fi matsewa, daga 24 zuwa 29. Ajinka yana 31.2, saboda haka ko a wannan hanyar mai sassauci ya faɗi, ya wuce iyaka da digiri 1.2. Amma dubi bambancin labarin. PMV na cewa mutum bakwai cikin goma ba su gamsu ba, kamar dai ba mafita sai an sa na'ura. Hanyar sabo na cewa digiri ɗaya da ɗoriya ya rage, kuma wannan ya fi kusa da “ɗan zafi” da yaran suka faɗa. Digiri ɗaya abu ne da silin ko fanka zai iya biya.

Inda mutane suka fi zamewa shi ne matsakaicin waje. Ba zafin wajen lokacin da kake auna aji ake nufi ba, ba kuma na awannin karatu kawai ba. Matsakaicin yini ne gaba ɗaya, dare da rana, na kwanaki bakwai zuwa talatin da suka gabaci ranar awo. Wanda ya leƙa waje da azahar ya ga 33 ya sa a lissafi, iyakar sama za ta koma masa 31.5, ajin da ya faɗi ya ci jarabawa ta hanyar ƙarya. Ka tabbatar 28 ɗinka ba haka aka same ta ba. Idan kuma ainihin matsakaicin ya haura 33.5 ko ya gaza 10, hanyar ba ta aiki a wurin, kada ka ja layin da kanka.

Gudun iska yana ɗaga iyakar sama idan haɗaɗɗen zafi ya wuce 25. A mita 0.6 ana ƙara digiri 1.2, a 0.9 ana ƙara 1.8, a 1.2 kuma 2.2. A 0.3 ɗinka ba a ƙara komai. Idan fanka ta kai iskar 0.9 a kan benci, iyakar ta koma 31.8, haɗaɗɗen zafin kuma ya sauko wajen 30.9 tunda yanzu iska ke ɗaukar kaso 0.7, ajin ya shigo ciki. Amma a kan benci ake auna wannan gudun, a tsakiyar sahu da kuma lungun baya, ba a ƙarƙashin fanka ko bakin taga ba. Kuma wajen wannan gudun ne takardu ke fara tashi daga kan tebur, malami ya gaji ya rage fankar, lissafinka ya rushe. A ganina a fara da rufin. Idan silin da abin tare zafi suka sauko da hucin ya zo daidai da iska, ajin ya dawo 30 ba tare da dogaro da wuta ba, fanka kuma ta ba da sarari a kai.

Akwai wani abu da ya kamata ka rubuta ɓaro-ɓaro a rahoton, domin makaranta ba ofis ba ce. Hanyar sabo ta ginu ne a kan cewa mutum yana da ikon buɗe taga da rage tufafi, tsakanin clo 0.5 zuwa 1.0. Yaro mai yunifom, wanda aka zaɓa masa wurin zama, tagar kuma sai malami ya ga dama, ba shi da wannan ikon sosai. Ƙari a kan haka, binciken da aka yi a makarantun firamare a Ingila da makarantun Ostireliya ya nuna yara sun fi son ɗan sanyi fiye da yadda lissafin manya ke hasashe. Don haka ni dai zangon kashi 90 nake ba da shawarar a sa a matsayin manufa, na kashi 80 ya zama layin da ba a so a ƙetare. Da wannan ma'aunin ajinka ya wuce da digiri 2.2.

Amsar yaran ma ka duba yadda aka karɓe ta. Yaron da ya shigo daga wasan tara jikinsa na fitar da zafi ninkin na mai zaune, don haka a jira kamar rabin awa bayan sun zauna kafin a raba takarda. A karɓi amsa daidai lokacin da ake karanta na'ura. Kada malami ya karanta tambayar yana nuna abin da yake so, kuma kada su ɗaga hannu, domin kowa zai bi na kusa da shi. Bayan tambayar matakai bakwai daga sanyi sosai zuwa zafi sosai, ƙara ta biyu mai sauƙi: kana son ajin ya ƙara sanyi, ya tsaya haka, ko ya ƙara ɗumi? Sau da yawa wanda ya ce “ɗan zafi” zai ce yana son sanyi, kuma wannan ce ke fallasa rashin gamsuwar da ta farko ta ɓoye. Tsayin na'ura kuma, mita 0.6 na babba ne a zaune, ga 'yan ƙananan aji ka sauke ta daidai cikinsu.

Za ka ci karo da gyaran da Fanger da Toftum suka kawo a 2002, inda ake ninka PMV da wata lamba tsakanin 0.5 da 1 saboda abin da mutane suka sa rai. Kana iya ambatonsa, amma kada ka zaɓi lambar bayan ka ga amsar yara don kawai su yi daidai. Haka nan idan da CBE Thermal Comfort Tool ko `pythermalcomfort` kake aiki, ka rubuta tsarin da ka zaɓa, domin na ASHRAE yana lissafa sanyayawar iska mai gudu ta wata hanya dabam, PMV ɗinsa kan fito ƙasa da ta ISO a kan alkaluma iri ɗaya. EN 16798-1 ma tana da nata layin sabo, 0.33 da 18.8 a madadin 0.31 da 17.8, kada ka gauraya su.

Awo ɗaya na ƙarfe ɗaya ba zai ɗauki rahoto ba. Bar na'urar ajiye bayanai a ajin na mako biyu, tana ɗauka duk minti goma, sannan ka ƙirga awannin karatu kawai. A kowace rana ka fitar da iyakarta daga matsakaicin wajen kwanakin da suka gabace ta, ka rubuta awa nawa ajin ya wuce layi da kuma da digiri nawa. A gefe ka sa PMV da amsar yara na lokutan da ka yi tambaya, tare da bayanin ko tagogi a buɗe suke da kuma adadin yaran da ke cikin ajin a lokacin.