Naira miliyan 4 a hannu ko miliyan 5.2 bayan shekara biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fili a Arkilla da nake son sayarwa don in ƙara jari a shagona. Wani ya taya naira miliyan 4 lakadan, wani kuma ya ce zai ba ni miliyan 5.2 amma sai bayan shekara biyu. Wanne ya fi mini? Daga wani ɗan kasuwa, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba za a iya kwatanta kuɗin nan biyu kai tsaye ba, domin ba rana ɗaya za su shigo hannunka ba. Sai an dawo da na ajali zuwa darajarsa ta yau, wato a gano nawa ne za ka riƙe yanzu, ka juya shi, ya kai miliyan 5.2 nan da shekara biyu.

Abin da za ka fara tsayarwa shi ne ribar da jarinka yake kawowa a shekara bayan an cire haya, sufuri, ladan yaran shago da asara. Littafin shagonka ne zai ba ka wannan adadi, kuma na shekara matsakaiciya za ka ɗauka, ban da wadda kasuwa ta yi maka kyau ƙwarai. Wanda ba ya kasuwanci yana iya aunawa da abin da zai samu a wuri mai aminci. Alal misali, sukuk na farko, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Mu ƙaddara naka kashi 20 ne.

Ga ƙa'idar:

```
PV = FV / (1 + r)^n
```

FV shi ne kuɗin da aka yi maka alkawari, r ribar shekara, n yawan shekaru, PV kuwa darajarsa a yau. A aikace, kashi 20 yana nufin r 0.2 ne, 1 + r kuma 1.2, sai ka raba 5,200,000 da 1.2, ka samu 4,333,333, sannan ka sake raba wannan da 1.2 saboda shekara ta biyu, ka samu kimanin 3,611,000. Ashe ke nan tayin da ake ganin ya fi da miliyan 1.2, a gaskiya ya gaza na lakadan da kusan naira 389,000. Rabawa ake yi, ba debewa ba. Wanda ya cire kashi 40 daga miliyan 5.2 zai samu 3,120,000, kuma wannan kuskure ne, wanda za ka gane shi idan ka juya lissafin: amsar da take daidai, in ka ninka ta da 1.2 sau biyu, dole ta mayar da kai miliyan 5.2.

Hukuncin gaba ɗaya ya rataya a kan adadin ribar. Da kashi 10 jarinka yake kawowa, darajar miliyan 5.2 a yau za ta zama kimanin 4,298,000, sai na ajali ya rinjaya. Tayin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen kashi 14. Ni dai ban ga dalilin da ɗan kasuwa zai yarda da kashi 14 ba a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Sai dai kada ka ɗora hauhawar farashi a kan ribar shagonka, domin ribar da ka lissafa da naira ta riga ta ƙunshe ta.

Lissafin nan ya ɗauka cewa mutumin zai biya a ranar da ya faɗa. Idan ya ƙara shekara guda yana ba ka haƙuri, darajar kuɗin za ta sauko zuwa kimanin 3,009,000, alhali fili yana hannunsa, kuma duk tashin da farashinsa ya yi nasa ne.

Shawarata ita ce ka karɓi miliyan 4. In kuwa akwai dalilin da ya sa kake son mai ajalin, to farashin da ya yi daidai da lakadan shi ne 5,760,000, wato miliyan 4 sau 1.44. Ko kuma ya biya rabi, miliyan 2.6, bayan shekara ɗaya, sauran rabin a ƙarshen ta biyu, wanda darajarsa a yau ta kai kimanin 3,972,000, kusan daidai da na lakadan. Mafi yawan malamai sun halatta farashin ajali ya fi na lakadan, muddin an yanke farashi guda tun wurin ƙulla ciniki kuma ba za a ƙara komai ba idan aka yi jinkiri. Saboda haka a rubuta adadin da ranakun biya a gaban shaidu, takardun filin kuma su zauna a wurinka har sai kuɗin sun cika.