Lissafin CBM da nauyin katan a Excel: inda kuɗi ke zurarewa

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina yi wa 'yan kasuwa odar kaya daga Guangzhou, shagona yana Sabon Gari. Wani lokaci kaya kala talatin ne a oda ɗaya, ni kuma da kalkuleta nake fitar da CBM da kilo kafin in faɗa wa mai kaya kuɗin dako. Sau da yawa abin da na faɗa ba ya yin daidai da na ejan. Yaya zan tsara wannan a Excel?

Amsa: Alhaji, ka fara da ba kowace lamba gidanta. Kowane kaya ya samu layi ɗaya na kwance. A layi na 4 ka rubuta kanun, kaya su fara daga layi na 5: A sunan kaya, B adadin guda, C guda nawa ke shiga katan, D tsawo, E faɗi, F tudu (duka ukun da santimita), G nauyin guda ɗaya da giram, H nauyin kwalin babu kaya da kilo. Lamba tsura za ka rubuta. Idan ka sa 60cm a maimakon 60, Excel zai ɗauke shi rubutu, ya maido maka da #VALUE!. Awon kuma na bayan katan ne bayan an cika an liƙe, domin shi ejan zai ɗora wa tef. Katan ɗin da aka danna wa kaya yakan kumbura, kuma santimita biyu a kowane gefe ba wasa ba ne.

Can sama, a gidan B1, ka rubuta 6000. Za mu dawo kansa. Ga fomula huɗu da za su shiga I5, J5, K5 da L5, a jere:

```
=ROUNDUP(B5/C5,0)
=D5*E5*F5/1000000*I5
=B5*G5/1000+I5*H5
=J5*1000000/$B$1
```

Mu gwada da fulas guda 500, ashirin da huɗu a katan, katan ɗin 60 da 40 da 45, kowane fulas giram 450, kwali kilo 1.2. Idan ka raba 500 gida 24 za ka samu 20.83, amma babu wanda ke loda guntun katan. Na ƙarshen, ko da fulas ashirin ne a ciki, wurin cikakken katan zai ci. Aikin ROUNDUP ke nan: ya tura lambar sama zuwa 21. Kada ka sa ROUND a wurinsa, don shi idan ya ga 20.3 ƙasa zai yi, ka tashi da katan guda da ba ka caji kowa ba. Fomula ta biyu ta ninka awon uku ta raba da miliyan, saboda santimita ɗari ne a mita, kuma ta fuska uku ake awon. Katan ɗaya 0.108, ashirin da ɗaya kuwa CBM 2.268. Ta uku ta ba da nauyin da sikeli zai nuna: kilo 225 na fulas, da 25.2 na kwalaye, jimla 250.2. Lura da cewa nauyin kaya daga adadin guda aka ɗauko shi, na kwali kuma daga adadin katan, shi ya sa katan ɗin da bai cika ba bai ɓata lissafi ba. Idan kuwa kamfani ya riga ya ba ka nauyin cikakken katan, to ka ninka shi da I5 kawai, kada ka sake ƙara kwali a kai.

Ta huɗu ita ce ta jirgin sama. Jirgi yana sayar da wuri kamar yadda yake sayar da nauyi, don haka ake mai da girman katan kilo, a caji wanda ya fi yawa tsakaninsa da na sikeli. A dakon jirgin sama an saba raba santimitar da 6000, kamfanonin aika saƙon gaggawa kuma da yawansu da 5000 suke rabawa. Ka tambayi ejan ɗinka wanne yake amfani da shi, ka sa a B1. Da 6000 fulas ɗin nan kilo 378 ne, da 5000 kuwa 453.6, alhali sikeli 250.2 ya nuna.

Alamar dala da ke jikin $B$1 ƙusa ce. Idan ka ja fomula ƙasa ba tare da ita ba, B1 zai zama B2, sannan B3, yana gangarowa. Inda ya faɗa gidan da babu komai za ka ga #DIV/0!, wannan da sauƙi, tunda ya yi ihu. Matsalar tana layi na 9, inda zai sauka kan B5 ya raba da 500 na fulas, ya ba ka lamba mai kyan gani wadda ƙarya ce. Danna F4 bayan ka zaɓi B1 a cikin fomula, alamar za ta shiga da kanta.

Yanzu ga wurin da nake zaton ku ke saɓawa da ejan. Ƙara kwaɗo a layi na 6: guda 1,200, ɗari da ashirin a katan, 35 da 25 da 20, giram 200, kwali kilo 0.6. Katan goma ke nan, CBM 0.175, sikeli kilo 246, nauyin girma 29.2 kacal. Idan ka zaɓi babba a kowane layi ka tara, 378 da 246, za ka faɗa wa mai kaya kilo 624. Amma idan kayan biyu a takarda ɗaya za su tafi, yawanci jimla ake kwatantawa da jimla: sikeli 496.2, girma 407.2, a caji 496.2. Nauyin kwaɗo ya cinye kumburin fulas. Bambancin kilo 127.8 ne, ya isa ya kori kwastoma zuwa shagon maƙwabci. Fomular jimlar, wadda za ka ajiye a sama don kada sabbin layuka su ture ta:

```
=MAX(SUM(K5:K200),SUM(L5:L200))
```

Idan fulas na Alhaji wane ne, kwaɗo na Hajiya wance, kuma kowa takardarsa daban, to a nan MAX na kowane mai kaya shi kaɗai ne daidai. Wasu ejan-ejan ma katan-katan suke caji, don haka ka ji tsarinsa tun kafin ka buɗe baki da farashi. A jirgin ruwa kuwa, idan kwantenar haɗaka ce, jimlar J ce abin dubawa, sai dai kaya mai nauyi sosai, inda aka saba ɗaukar kilo 1,000 a matsayin CBM ɗaya. Kwantena mai ƙafa 20 kusan CBM 33 ce a takarda, amma katan ba ruwa ba ne, ka yi lissafi da 28 ko ƙasa.

Kada ka taƙaita lambar katan ɗaya kafin ka ninka. Katan ɗin kwaɗo 0.0175 ne, idan ka kwafe shi 0.02 kamar yadda allo zai iya nunawa, katan goma sun zama 0.2 maimakon 0.175. Ka sa layin J ya riƙa nuna lamba uku bayan ɗigo, taƙaitawa sai a kan kuɗin ƙarshe.

Kuskuren da ya fi ɓoyewa shi ne gidan da aka manta. Idan yaron shago ya tsallake tudun wani katan, Excel zai ɗauki gidan sifili, CBM ɗin layin ya zama 0, jimla ta fito lafiya lau ba tare da gargaɗi ba. Sa wannan a M5 ka ja ƙasa:

```
=IF(COUNT(B5:H5)=7,"daidai","duba")
```

COUNT lambobi kaɗai yake ƙirgawa, saboda haka zai kama gidan da babu komai, ya kama wanda aka rubuta da harafi. Abin da ba zai kama ba shi ne awon da ya zo da milimita ko inci. Idan ka ga 600 da 400 da 450 a takardar kamfani, milimita ce, raba kowanne da 10, in ba haka ba CBM zai ninka sau dubu. Inci kuma ka ninka kowane gefe da 2.54 kafin ka shigar. Idan kwamfutarka ta ƙi karɓar fomula gaba ɗaya, gwada sa alamar ; a duk inda na sa waƙafi a cikinta, wasu saitunan haka suke so.