Bidiyon wanke hannu na minti 3: kada ki fara da jawabi

"Jama'a, an ce in haɗa wa 'yan firamare bidiyon wanke hannu na minti 3 kafin 15 ga Oktoba. Da me zan buɗe, da me zan rufe? Kaina ya ɗaure."

Wayyo Malama, kin taɓo mini inda yake min ciwo. Nawa na farko, wanda ya ba mu aikin ya dage sai an buɗe da jawabinsa. Daƙiƙa 50 cur yana godiya ga manyan baƙi! Sannan ya sa muka ɗauka a gaban famfon ofishinsa mai ƙyalli. Ranar da muka haska wa 'yan aji uku, kafin ya gama yara sun koma tsokanar juna. Da aka zo wajen wankin, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mu ba mu da irin wannan famfon." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuma ya juyo a gaban malamai ya ce ni ce ban iya aiki ba. Har yau abin yana ci min rai.

Don Allah ki buɗe da hannu. A na biyu na kwaɓa garin gawayi da man gyaɗa, na shafa wa yaro ɗaya a tafin hannu. Ya gaisa da abokinsa, abokin ya ɗauki ƙosai, baƙin ya bi ƙosan har baki. Daƙiƙa 20, ba magana, sai tambaya ɗaya: "Za ka ci?" Ajin ya ɗauki ihu. Daga nan zuwa cikar minti ɗaya ki ce ƙwayoyin cuta haka suke yawo, sai dai su ba a ganinsu, kuma su ke kawo gudawa. Iyakar bayanin ke nan.

Minti na biyu na wanki ne. Ruwa zalla tukuna, a ga man bai fita ba, sannan sabulu. Ki matso da waya kusa, kada ki yanke ko ki ƙara sauri: tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, ƙarƙashin farce, yara suna ƙirga 20. Da buta, wani yana zuba masa. Kar ki nuna kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu, ruwan sai ya zuba ya wuce. Af, ki ɗauka a inuwa. Rana tana cinye farin kumfa a hoto.

Ni lokuta biyu kawai na saka a minti na uku, bayan fitowa daga ban ɗaki da kafin cin abinci, don da na jera biyar ba wanda ya riƙe. Rufewar kuwa, yaron nan ya dawo ya ɗauki sabon ƙosai da hannu fes, ya kalli kyamara ya ce, "Yau ka nuna wa ƙaninka." Sunayen masu ɗaukar nauyi su jira sai bayan nan, ko da za a yi fushi da ke.