Awa nawa zan ce wa mai waya ya dawo?

Tambaya: Malam, sana'ata cajin waya. Nakan ce wa mutum ya dawo bayan awa ɗaya, ya zo ya tarar wayar tana kan kashi 80, sauran kuma sai jan ƙafa. Yaya zan riƙa lissafa lokacin?

Amsa: Ɗan'uwa, lamba biyu kake buƙata, ta batir da ta caja. Ɗauki waya mai batir 5000mAh. Irin wannan batir yana aiki a kan bolt 3.85, saboda haka ka ninka 5000 da 3.85, ka raba da 1000. Za ka samu kusan 19Wh, iya wutar da cikinsa ke ɗauka ke nan. Sai ka juya cajar, ka karanta abin da ke gaban kalmar Output. In an rubuta 9V da 2A, ka ninka su, wat 18 ke nan. Raba 19 da 18, ya ba ka awa ɗaya da 'yan mintuna. Amma ba duk wutar ke shiga batir ba, wajen kashi 15 cikin 100 zafi take zama, shi ne ɗumin da kake ji a bayan wayar. Da wannan lissafin ya kai awa ɗaya da kwata.

Har yanzu da saura, domin batirin litiyam ba ya shan wuta bai ɗaya. Daga farko har wajen kashi 80 yana karɓar wuta da cikakken ƙarfin da wayar da cajar suke iyawa. Da ƙarfinsa ya kai iyaka, bolt 4.2 zuwa 4.4 gwargwadon batirin, sai wayar da kanta ta tsayar da shi a nan, ta shiga rage wutar kaɗan-kaɗan, kamar yadda kake sassauta hannu in kwalba ta kusa cika. In aka ci gaba da ɗura masa da ƙarfi, litiyam zai taru a inda bai kamata ba, batirin ya yi zafi, ya kumbura, ya mutu da wuri. Shi ya sa kashi 20 na ƙarshe, da lissafi ya ba su minti 15, sukan ci minti 30 zuwa 40, kuma babbar caja ba ta rage wannan sosai.

To mai wannan wayar, in a mace ya kawo ta, ka ce masa awa ɗaya da minti 40. Mai sauri kuma ka gaya masa tun farko cewa a awa ɗaya kashi 80 zai samu. Ni a ganina wannan ya fi maka, tunda ka saki cajar ga wata wayar.

In ka ga lokaci ya ninka, fara da kebul, siriri ko tsoho yakan hana wuta wucewa. Caja mai baki da yawa kuma raba wat ɗinta take yi tsakanin wayoyin. Wayar da wat 10 kawai take karɓa, da 10 za ka yi lissafinta ko cajar mai wat 65 ce.