Kafin ka tara lambobi, je wajen mai shayi

"Kawu barka da dare. Na fara harkar ledar burodi, gidajen burodi nake son in riƙa kai wa amma ban san kowa ba, kuma ba ni da kuɗin talla. Wani ya ce in sayi lambobin waya dubu biyu a hannunsa. Ku da can ya kuke samo masu saye?"

Yarona kar ka sayi lambobin nan, rabi a kashe suke, sauran kuma ba ka san ko mai gidan burodi ne ko mai faci ba. Mu da littafi da biro da ƙafa muka yi, har gobe kuma hanyar tana nan, wayar ma sauƙi ta ƙara muku.

Gobe bayan sallar asuba ka bi teburan masu shayi, ka fara da unguwa ɗaya kawai, misali daga Sabon Gari ka gangara Fagge. Ka zauna ka sha shayi kamar kowa, ka ɗauki burodin ka juya ledar. Sunan gidan na jiki, da adireshi, yawanci har lambar waya da lambar NAFDAC. Ka ɗauki hoto. Sai ka tambayi mai shayin wane burodi ne ke fara ƙarewa kuma mai kawowa kullum yake zuwa ko yana tsallake rana, shi mai shayi ba shi da dalilin yi maka ƙarya. Sati ɗaya kana haka za ka iya tara suna hamsin ko sittin, ka ƙara da abin da ka gani a Google Maps, sai dai shi wannan a bi shi a hankali don wasu gidajen sun rufe tuntuni sunansu na nan zaune.

To wannan suna ne kawai, ba masu saye ba ne tukuna. Nan ne aikin yake. Ka shiga kasuwar Singa wajen 'yan fulawa da suga, ka saba da direbobi da masu lodi, ka gaishe su yau ka gaishe su gobe kafin ka yi tambaya, don wanda ya zo da tambaya ranar farko ɗauka ake ɗan haraji ne. Su suka san gidan da ake sauke wa buhu saba'in a sati da wanda ke sayen biyu biyu. Buhun fulawa kilo 50 ne, a lissafina yakan ba da burodi wajen ɗari, ya danganta da girman burodin. Kenan gidan da ke kwaɓa buhu 10 a rana yana cin leda wajen 1,000 kullum, a wata kusan 30,000. Mai buhu ɗaya kuwa kuɗin man mashin ɗinka ma ba zai fita ba, ka bar shi a shafin baya, wata rana ya girma.

Kowane gida ka ba shi shafi guda, ka rubuta buhu nawa suke kwaɓawa, wa ke kawo musu leda yanzu, yaushe wadda ke ƙasa za ta ƙare, sannan wa ke da wuƙa da nama. Wannan na ƙarshen yana cinye wa yara lokaci, ka yi wata kana zarya wajen manaja yana ce maka ka dawo jibi, ashe Alhaji ne ke saye da kansa kuma sai bayan la'asar yake leƙowa. Maigadi zai gaya maka wannan a minti biyu in ka mutunta shi. Ka kuma binciki silindar buga sunansu, wato ƙarfen da ake buga sunan gidan a jikin leda da shi, a hannun wa take, in tana wajen mai kawo musu na yanzu to sauya shi zai yi musu nauyi, sai in yana makara ko fentin na gogewa a hannu.

Sai maganar biya. Ni an taɓa cinye ni a nan, na ga motoci uku a ƙofar wani gida na zuba musu kaya bashi ban tambayi kowa ba, ashe mai fulawa na bin su, mai suga na bin su, ni ne na uku a layi. Da na tambaya a Singa da rana ɗaya ta ishe ni sani. In ka ji an ce "ai shi sai da kuɗi a hannu muke ba shi", ja layi a ƙarƙashin sunan.

Cikin sittin ɗin nan in ka tace ƙila goma sha biyu su rage, kar ranka ya ɓaci, su ne jarinka. Kuma a al'adarmu ba a faɗa wa mutum haka kawai, abin da zai fara tambaya shi ne wa ya turo ka. Ka roƙi mai fulawar da ya san shi ya yarda ka ambaci sunansa, in bai yarda ba kar ka ambata, za a kira shi a gabanka. Ka tafi da samfur a hannu, ba saƙon WhatsApp ba.

Ranar Juma'a in ka zo gida ka taho da littafin mu duba tare, akwai mutum biyu a Singa da zan haɗa ka da su. Ka gaida Hajiyarka.