Ruwan da ke kan takarda da ruwan da mutum ke biya

"Maigida, takardar rancen ta ce ruwa kashi 2 cikin 100 ne a wata, wato 24 a shekara. To me ya sa ka rubuta 52 a gurbin APR, wato ainihin ruwan da mai rance ke biya a shekara?"

Jawo kujera ka zauna, ɗana, mu bi fayil ɗin matar nan mai sayar da atamfa. An rubuta mata rancen naira 120,000 na wata 12. Ruwan kashi 2 ɗin nan a kan dukan uwar kuɗin aka ɗora shi, ya kama 28,800, saboda haka za ta riƙa kawo 12,400 duk ƙarshen wata. Amma nawa ta fita da shi a jaka? An cire 6,000 na kuɗin fom da inshorar dole tun kafin a miƙa mata. Naira 114,000 ta karɓa, kuma daga nan lissafinmu yake farawa.

Abin da muke nema shi ne ruwan da, idan aka zare shi daga kowane biya gwargwadon nisan watansa, jimillar biyan 12 za ta dawo daidai da abin da ta karɓa. Biyan watan farko ka raba shi da 1 haɗe da ruwan sau ɗaya, na wata na biyu sau biyu, haka har na ƙarshe. Ba a samun amsar kai tsaye, sai an gwada. Na sa kashi 4, jimilla ta ba ni kusan 116,375, ta zarce. Na sa 4.5, ta sauko 113,070, ta gaza. Ka ga amsar tana tsakani, wajen 4.36 a wata. A kwamfuta, cikin manhajar Excel, ga yadda ake yi:

```
=RATE(12,-12400,114000)*12
```

Zai ba ka kusan 0.523, wato kashi 52. Idan ka manta alamar ragi a gaban 12400, `#NUM!` za ka gani.

Yawancin tazarar ba daga kuɗin fom ta zo ba. Matar nan tana rage bashinta kowane wata, amma ruwan yana nan a kan 120,000 kamar ba ta biya ko kwabo ba. Wannan kaɗai ya kai lissafin kusan 42. Dubu shidan da aka cire ne suka ƙara sauran goman. Abin da ke damuna ke nan idan na ga ma'aikaci ya sa 120,000 a gurbin abin da aka karɓa, domin ya ɓoye wa baiwar Allah kashi goma cur.

Duk kuɗin da ba a ba da rancen sai an biya shi, saka shi a ciki. Tarar jinkirin biya kuwa ba ta shiga, tunda ba a san za a yi jinkirin ba. Kuma ka riƙa faɗin hanyar da ka bi: a Amurka ninka ruwan wata suke yi sau 12, a Birtaniya kuwa ruwa kan ruwa suke lissafawa, wanda a fayil ɗin nan zai kai kusan 67.