Wasiƙar hedimasta ga iyaye bayan taron sakamakon zango: me za a rubuta a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne hedimastan wata firamare a ƙaramar hukumar Maigatari. Mun yi taron iyaye da malamai a ƙarshen zangon farko, muka ari majigi muka haska shafuka 14 na rahoton zango a bango. Iyaye ƙalilan ne suka zo, mata kuwa ba su kai goma ba. Shugaban kwamitin makaranta ya ce in rubuta wasiƙa a kai gida-gida. Misali, shafin aji biyar ya nuna kashi 75 cikin 100 sun ci jarrabawa, zuwa makaranta kashi 80. In kwafe shafukan ne in fassara, ko yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Hedimasta. Kada ka kwafe su. A wurin taro kana tsaye kusa da bango, kana nuna jadawali da sanda, wanda bai gane ba ya ɗaga hannu ya tambaye ka. Wasiƙa kuwa ita kaɗai za ta shiga gida, kuma a gidaje da yawa yaron da ya kawo ta ne zai karanta wa mahaifiyarsa da ƙarfi bayan magariba, ko a kai wa wani maƙwabci a zaure. Saboda haka ka rubuta ta don kunne. Duk jimlar da ba za a ji ta sau ɗaya a gane ba, ka sake ta.

Mu ɗauki kashi 75 ɗin nan naka, don a nan aka fi yin tuntuɓe. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka buɗe rajistar aji biyar da takardar maki, ka fito da lambobi uku: yara nawa ne a rajista, nawa suka zauna jarrabawa, nawa suka ci. A ce 80 ne a rajista, 60 suka zauna, 45 suka ci. Idan ka raba 45 da 60, kashi 75 ne, majigi bai yi ƙarya ba. Amma idan ka raba 45 da 80, abin da za ka samu wajen kashi 56 ne kawai. Yara 20 sun ɓace a tsakanin lissafin biyu, kuma iyayen waɗannan 20 su ne aka fi bukatar wasiƙar ta isa gare su. Uban da ɗansa bai zauna jarrabawa ba, in ya ji "kashi 75 sun ci", zai ce alhamdu lillahi makaranta na ƙoƙari, ya juya ya ci gaba da sabgarsa. To sai ka rubuta da ƙidayar kawuna, kamar haka:

"A aji biyar muna da yara 80. Daga cikinsu 60 ne suka zauna jarrabawa. 45 sun ci, 15 ba su kai makin ci ba. Yara 20 kuma ba su zo jarrabawar ba sam."

Wannan ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta riƙe shi, domin haka take ƙidaya awakinta. Ka ƙara jimla guda da ke faɗin yadda ake haɗa makin a makarantarku, wato nawa ne na gwaje-gwajen cikin zango, nawa ne na jarrabawar ƙarshe. Idan gwaje-gwajen na da maki 40 cikin 100, yaron da ya yi fashinsu ya shiga jarrabawa da maki 60 kacal a gabansa, iyaye da dama kuma ba su san haka ba, suna zaton ranar jarrabawa kaɗai ce ke da muhimmanci.

Kashi 80 na zuwa makaranta ya fi wancan yaudara. Abin da zai fara zuwa maka shi ne ka ce kowane yaro yana fashin kwana ɗaya a mako, tunda ɗaya bisa biyar ne ya ragu. Ka dakata tukuna. A ce an yi kwana 65 ana karatu a zangon. Idan yara 60 sun zo kwana 62 kowannensu, sauran 20 kuma kwana 22 kawai suka zo, jimilla kashi 80 ɗin nan daidai za ka samu. Ka ga kenan lamba ɗaya na iya rufe labari biyu mabambanta, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Rajista ce za ta raba gardama. Ka bi ta tsaye, rana bayan rana: idan alamar fashi ta taru a kowace Alhamis, kasuwar Maigatari ce ke janye yaran, masu talla da masu raka dabbobi. Ka sake bin ta a kwance, suna bayan suna: idan ka ga layin wasu yara ya yi fari tas na makonni a jere a Oktoba da Nuwamba, aikin kaka ne, yankan riɗi da ɓarar zoɓo. Abin da ka gani shi za ka rubuta, ka ambaci ranar ko watan. "Ranar Alhamis kusan rabin aji ba ya zuwa" magana ce da uba zai iya yin wani abu a kanta. In kuma akwai ranakun da malami ne bai zo ba, ka faɗa a jimla ɗaya ba tare da suna ba. Iyaye sun riga sun sani, yaransu na dawowa gida da hantsi, kuma in ka ɓoye wannan ba za su yarda da sauran ba.

Sauran shafukan, irin su jawabin maraba, hotuna da jerin malamai, ka bar su a kwamfuta. Daga 14 ɗin, uku ko huɗu ne za su shiga, wasiƙar kuma kada ta wuce fuska ɗaya ta takarda.

Abu biyu nake roƙonka a kansu. Na farko, sunan yaro kada ya fito, ko na wanda ya yi na ɗaya ko na wanda ya faɗi. Takarda ɗaya ce za ta zaga gari, a ƙauye kuma ko "wata yarinya daga unguwar gabas" ka ce, an gane ta. Sakamakon kowane yaro yana cikin katinsa, ka ce wanda ke son ƙarin bayani ya zo ofis a rana kaza. Na biyu, ka raba abin da taro ya yanke da abin da wani ya kawo a matsayin shawara. Idan wani ya miƙe ya ce a yi karo-karo a gyara rufin aji, aka watse ba a tsayar ba, ka rubuta cewa shawara ce, kwamiti zai zauna a kanta. Da zarar adadin kuɗi ya bayyana a takarda mai hatimin makaranta, za a ɗauke shi kuɗin makaranta na dole, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne. Wani uban a kan wannan kaɗai sai ya riƙe ɗansa a gida.

Ka rufe da buƙata ɗaya tak da ranar komawa, misali a bar yara su zo ranar Alhamis ko da za su wuce kasuwa bayan an tashi. Ka sa kwanan wata da sa hannunka da na shugaban kwamiti.

Kafin ka kai a buga, ka kira maigadin makaranta ko wata uwa da ba ta halarci taron ba, ka sa ɗan aji biyar ya karanta mata kai kana gefe ba ka ce uffan ba. Ka lura da inda yaron ya yi in-ina, a nan kalma ta yi nauyi. Sannan ka tambaye ta yara nawa ne ba su zauna jarrabawa ba, me kuma makaranta ke nema a wurinta. In ta amsa duka biyun, ka buga, ka aika wa mai unguwa da liman nasu kwafin, ka ajiye ɗaya a fayil don ranar da sakataren ilimi zai tambaya.